Gam, oganza ko ɗinkin hannu: wanne ke hana ɓoyayyen zif tattarewa a siket mara nauyi?

Siket ɗin da aka ɗinka da yadi mara nauyi ba ya rufa wa tela asiri. Idan yadi mai kauri ne, ko an ɗan ja shi wurin sa zif, nauyinsa zai danne kuskuren. Shifon, biskos, siliki da boyel kuwa duk abin da hannu ya yi musu sai ya fito. Za a gama ɗinki, a ja zif ya rufe lafiya lau, a ɗaga siket ɗin sama, sai a ga layin baya ya yi tudu da kwari tun daga ƙugu har inda zif ya ƙare. A kai shi kan teburin guga a danne, ya kwanta, a sa a jiki, ya sake tashi.

Dalilin yana da sauƙin ganewa idan aka riƙe zif a hannu ɗaya, bakin yadin a ɗaya hannun, aka ja kowanne. Ƙyallen da haƙoran zif ke zaune a kai saƙa ce mai ƙarfi, ba ta ba da kai ko kaɗan. Bakin yadi mara nauyi kuwa yana miƙewa da ɗan taɓawa, musamman a siket mai buɗewa ta ƙasa ko a wurin lanƙwasar kwankwaso, inda almakashi ya bi ta karkace maimakon ya bi tsayuwar zaren. Ƙafar keke tana danna shi, haƙoran keke suna jan sa ta ƙasa, yatsun mai ɗinki suna tallafe da shi, kowanne yana ƙara masa ɗan tsawo. To idan aka ɗinke abu mai miƙewa a jikin abin da ba ya miƙewa alhali tsawonsu ya saɓa, rarar dole ta nemi wurin zuwa, sai ta tashi sama. Shi ya sa guga ba ta maganin matsalar. Tsawon ya riga ya shiga ƙarƙashin zare.

Hanyoyi uku ne na fi ganin ana bi don a tsayar da bakin yadin kafin zif ya hau kansa: a manna siririn gam, a ɗinka tsirin oganza, ko a kama komai da ɗinkin hannu. Duk na yi aiki da su, kuma kowacce tana da yadin da ya fi karɓarta.

Na fara da gam, domin shi na fi amfani da shi. Abin da nake nufi shi ne ƙyallen nan mai gam a fuska ɗaya wanda ake mannawa da dutsen guga. Akwai mai tauri da ake sa wa kwala da bakin hannun riga, kuma wannan ba shi da wuri a siket mara nauyi, domin zai mayar da layin zif kamar an sa kwali, sauran yadin yana lilo shi yana tsaye. Wanda ya dace shi ne mafi laushi, wanda idan aka ɗora a tafin hannu ana hango zanen tafin ta cikinsa. Kafin a yanka, a ja shi ta tsawo, a ja shi ta faɗi. Yawancin masu laushin nan suna miƙewa ta fuska ɗaya, suna tsayawa ta ɗaya. Tsirin da za a yanka dole ya bi fuskar da ba ta miƙewa, in ba haka ba an yi aikin banza: gam da yadi za su miƙe tare.

Amfanin gam shi ne yana kama kowane zare na yadin a wurinsa, tun daga sama har ƙasa, babu wani ɗan gibi da zai motsa. Allura ma tana samun abin da za ta huda mai ɗan jiki, ba ta tura yadin cikin ramin keke. Yana da sauri, mai koyo ma zai iya. Ga boyel, biskos, auduga mai laushi da siliki wanda ba a gani ta cikinsa, ban san abin da ya fi shi ba.

Aibinsa uku ne. Yadi mai shara-shara irin shifon yana nuna shi, sai a ga wani layi mai duhu ko mai haske ya bi gefen zif. Wani lokaci gam ɗin kan ratso yadin ya fito ta fuska kamar ɗigon mai, kuma wannan ba ya fita. Sannan akwai yaduddukan da ba sa son zafi da tururi: kiref yakan tsuke ko ya rasa ɗan gurzarsa a daidai inda dutse ya zauna, wasu yaduddukan roba kuma sukan yi sheƙi. Saboda haka ban taɓa manna gam a siket ba sai na gwada a guntun da ya rage daga yanka, na bar shi ya huce, na ɗaga shi a haske na duba ta fuska. Minti biyu ne, amma su ne ke raba ni da ɓata yadin mutane.

Akwai wani haɗari da ba a cika faɗa ba, kuma shi ya fi kama mutane. Gam yana riƙe yadi ne a tsawon da ya tarar da shi. Idan bakin siket ɗin ya riga ya miƙe tun wajen yanka ko ɗauka da ajiyewa, aka manna gam a haka, to an ɗaure kuskuren ke nan har abada. Zan dawo kan wannan idan na zo ga misali.

Oganza kuwa, musamman ta siliki, yadi ce siririya ƙwarai, ana gani ta cikinta, amma tana da tsayawa, kuma tana jure zafin dutse fiye da ta roba. Ana yanka tsiri a miƙe bisa tsawon zaren, a ɗora shi a bayan yadin a kan layin da zif zai bi, a ɗinke shi a cikin rarar ɗinki, wato yadin da aka bari tsakanin layin ɗinki da baki, kusa da layin amma ba a kansa ba. Wasu sukan yi amfani da gefen saƙa na yadin kansa, wato bakin nan da masaƙa ta ɗaure wanda ba ya warwarewa, idan siriri ne. Dabara ce mai kyau, tunda launin ɗaya ne kuma wanki zai yi musu tasiri iri ɗaya. Sai dai a duba, domin gefen saƙar wasu yaduddukan ya fi jikinsu tsukewa, idan ya sha ruwa sai ya ja layin.

Inda oganza ta fi gam shi ne ba ta canza halin yadin. Shifon yana nan yana zubowa yadda ya saba, babu zafi mai yawa, babu tabo. Idan an yi kuskure ana iya warware ta a sake, abin da ba ya yiwuwa da gam. Inda ta gaza kuwa shi ne riƙonta a layin ɗinki kawai yake. Kafin a ɗinke ta, tana zamewa, yadin yana zamewa, kuma idan aka sa ta a keke kai tsaye, matsalar da ake gudu ita za a sake haifarwa: yadi mai miƙewa a jikin abin da ba ya miƙewa. Don haka oganza tana tafiya ne da allurar hannu. A shimfiɗa yadin a tebur, a ɗora tsirin, a kama shi da ƙananan ɗinki ba tare da an ɗaga aikin daga tebur ba. Tana cin lokaci, ninki uku ko fiye na abin da gam ke ci a hannuna. Ga siket na yau da gobe da aka yi da biskos ba na ganin dalilin wannan wahala. Ga shifon ko siliki mai tsada kuwa, ba na bin wata hanya.

Hanya ta uku ita ce a bar yadin yadda yake, a kama zif da ɗinkin hannu na wucin gadi kafin a kai keke. Masu son wannan suna cewa hannu yana jin abin da keke ba ya ji, kuma gaskiya ne. Fil yana ɗaga yadi mara nauyi, yana barin gibi tsakanin fil da fil inda yadin ke tafiya gaban ƙafar keke. Ɗinkin hannu yana rufe wannan gibin, yana kuma ba da damar a rufe zif, a sa siket a jiki a gani kafin a yi ɗinkin gaske. Amma aikinsa shi ne hana zif da yadi zamewa da juna a lokacin ɗinki. Bai ƙara wa yadin ƙarfi ba. Bayan an zare zaren wucin gadin, duk lokacin da aka ja kan zif sama, siririn yadin ne kaɗai ke ɗaukar jan, kuma a hankali wurin yakan saki, har ramukan allura su buɗe. Ɗinkin hannu shi kaɗai yana iya isa idan yadin auduga ce mai ɗan tsayawa kuma zif ɗin yana tsakiyar baya a layi miƙaƙƙe. Ban da haka, ni ina ɗaukar sa abokin tafiyar gam ko oganza ne.

Akwai kuma wani siririn tef mai manne ta fuska biyu wanda ke narkewa a wanki, faɗinsa kamar milimita 6, da wasu ke amfani da shi a madadin ɗinkin hannu. Yana da sauri, yana riƙewa sosai, amma sai yadin da za a iya wankewa da ruwa, kuma idan aka ɗaga shi don gyara wuri yakan ja zaren shifon.

Bari in kawo aiki ɗaya daki-daki, domin a nan ne bambancin ke fitowa. Siket ne na biskos mai ɗan buɗewa ta ƙasa, zif a tsakiyar baya, buɗin zif santimita 20, rarar ɗinki santimita 1.5. Tun kafin yanka an wanke yadin, saboda biskos yana tsukewa a wankin farko, ƙyallen zif kuma ba ya bin sa, sai siket ya fito daga wanki da tattarewar da bai shiga da ita ba. Zif ɗin da na ɗauko santimita 23 ne, ya fi buɗin tsawo da santimita 3. Wannan rarar tana da muhimmanci: kan zif yana sauka can ƙasa ya ba ƙafar keke hanya, har a kai ƙarshen buɗin ba tare da an karkace ba.

Da na shimfiɗa bayan siket ɗin, na ɗora takardar da na yanka da ita a kai, sai na ga bakin ɗaya ya yi daidai, ɗayan kuma ya wuce takardar da kusan milimita 8 a cikin wannan santimita 20 ɗin. Ido ba zai taɓa ganin wannan ba idan ba a auna ba. Da na sa zif a haka, gefe ɗaya zai kwanta, ɗayan ya yi igiyar ruwa, ɗinkin ƙugu kuma ba zai haɗu ba idan aka rufe. Sai na soka fil a alamar sama da ta ƙasa bisa awon takarda, a jikin teburin guga, rarar ta taru a tsakiya tana ɗan kumbura. Na riƙe dutse sama da yadin ba tare da ya taɓa ba, na sakar masa tururi, na bi da tafin hannu ina lallaɓawa a hankali har ya kwanta. Na bar shi ya huce ya bushe sarai kafin na taɓa.

Sannan gam. Tsiri biyu, faɗin kowanne santimita 2.5, tsawo santimita 23. Faɗin ya wuce rarar ɗinki da santimita 1 don allura ta faɗa a cikin gam ɗin, kada ta bi bakinsa. Tsawon kuma ya sauka ƙasa da ƙarshen buɗin da santimita 3, saboda daidai wurin da zif ke ƙarewa shi ne ya fi shan ja. Na ɗora ƙyallen guga a kai, dutse a matsakaicin zafi, na danna na ƙirga kamar daƙiƙa 10, na ɗaga, na matsa gaba na sake dannawa. Ba a goga dutsen gaba da baya a nan, domin gogawar kanta tana miƙar da yadin da aka sha wahalar dawowa da shi.

Shi ma zif ɗin yana da nasa shiri. Ya daɗe a naɗe, don haka na bi ƙyallensa da tururi ya miƙe. Haƙoran ɓoyayyen zif a nannaɗe suke ta baya, sai a buɗe zif ɗin, a bi da bakin dutse mai ɗan ɗumi a kwantar da su don allura ta samu kusantar gindinsu. Zafi kaɗan, domin na roba ne, suna narkewa, kuma haƙori ɗaya da ya lalace ya isa ya tsayar da kan zif. Bayan haka na rufe zif ɗin, na sa alama da alli a ƙyallensa hagu da dama a tsayi ɗaya, kowane santimita 5, na yi irin alamomin a bakin yadin duka biyu. Alamomin nan su ne alƙalai. Idan alamar zif ta hau alamar yadi a duk wuraren, babu inda rara za ta ɓuya.

Na kama kowane gefe da ɗinkin hannu, zif a buɗe, fuskarsa tana kallon fuskar yadi, haƙora a kan layin ɗinki. Na rufe na duba, ƙugu ya haɗu. A keke na sa sabuwar allura siririya mai lamba 70/10, tsawon ɗinki milimita 2.5, na ɗan sassauta zaren sama, na sa ƙafar ɓoyayyen zif mai ramuka biyu a ƙasa. Zif a sama, yadi a ƙasa. Duka gefen biyu daga ƙugu na fara zuwa ƙasa. Mutane da yawa sukan sauko ta gefe ɗaya su hau ta ɗayan saboda ya fi sauƙin riƙewa, amma keke yana tura yadi ne ta inda yake tafiya, sai gefe ɗaya ya zame ƙasa, ɗayan ya zame sama, siket ya murɗe. Hannu kuma aikinsa shiryarwa ne kawai. Da zarar an ja aikin ta baya ko an riƙe shi ta gaba, an koma gidan jiya.

Sai da zif ya zauna na rufe sauran layin bayan. Na sa ƙafar zif ta gama-gari, na kawar da wutsiyar zif gefe, na fara ɗinki kamar santimita 1 sama da inda ɗinkin zif ya tsaya, milimita 2 zuwa 3 daga gefensa, na sauka har ƙasan siket. Ƙullutun nan da ke fitowa a gindin zif kusan kullum daga nan yake: ko gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ko an matsa sai layukan biyu sun haɗu a aya ɗaya. Ɗan gibin nan ba ya nunawa ta fuska. A ƙarshe na ɗinke wutsiyar zif a jikin rarar ɗinki kaɗai, don kada ta riƙa jan gindin buɗin.

Da shifon ne, duk matakan nan suna nan, illa oganza ta maye gurbin gam, allura ta koma 60/8, kuma zan sa takarda siririya a ƙarƙashin yadin don haƙoran keke su kama ta maimakon su ci yadin, a yage ta a hankali bayan an gama. Zan kuma nemi zif mai ƙyalle mai laushi kamar raga, wanda ake yi musamman don irin waɗannan yaduddukan. Zif mai kaurin ƙyalle a jikin shifon, ko an sa shi daidai, taurinsa kaɗai yana hana layin bin jiki. Idan siket ɗin yana da shafi mai ɗan jiki, wasu sukan haɗa shafin da shifon a wurin buɗin su ɗauke su kamar yadi ɗaya, shafin ya ɗauki nauyin zif. Hanya ce mai kyau, muddin an kama su da hannu a shimfiɗe tukuna.

Wurin da aka sa zif ma zaɓi ne, kuma yana iya rage rabin aikin. Tsakiyar baya a siket miƙaƙƙe yana bin tsawon zare, inda yadi ya fi tsayawa. Gefe kuwa yana bin lanƙwasar kwankwaso, ga karkata ga lanƙwasa, zif kuma miƙaƙƙen abu ne. Idan ɗinkin ya ba da dama, ina mayar da zif baya. Idan dole sai gefe, gam ko oganza sun zama wajibi, ɗinkin hannu shi kaɗai ba zai riƙe ba.

Siket da aka yanka gaba ɗayansa a karkace shi ne ya saɓa wa abin da na faɗa game da mayar da bakin yadi awon takarda. Irin wannan yadin an yanka shi ne don ya zubo, kuma zai ƙara tsawo da nauyin kansa ko an so ko ba a so. Idan aka mayar da bakinsa awon takarda aka ɗaure, sauran siket ɗin zai sauka, layin zif ya tsaya a sama, sai yadi ya taru a gefensa kamar an yi tattara. A nan sai a haɗa siket ɗin da ɗinkin wucin gadi, a rataye shi ta ƙugu aƙalla awa 24, sannan a sa a jiki ko a jikin mutum-mutumin awo, a sa alamar farkon buɗin da ƙarshensa yana rataye. Wannan sabon tsawon shi za a yanka wa tsiri. Na fi son oganza a nan, saboda ana iya kama ta da fil tun siket yana rataye, a sauke a ɗinke da hannu, alhali gam sai an kwantar da yadin a tebur, inda yake komawa wani tsawon daban.

Idan aikin ya riga ya tattare, a kalli irin tattarewar kafin a ɗauki abin warware ɗinki. Manyan tudu da kwari, har zif ɗin kansa yana lanƙwasa, alama ce ta yadin da aka miƙar wurin ɗinki. Ƙananan yamutsa a jere kusa da haƙora suna nuna zaren sama ya yi tsauri, ko allura ta dakushe, ko an cusa yadi fiye da tsawon zif. Idan gefe ɗaya ne kawai, a duba ko an ɗinka gefen biyu ta fuskoki daban. Idan kuma sai bayan wanki ya fito, yadin ne ya tsuke. Wurin warwarewa a yanka zaren ta gefen ƙyallen zif, kowane ɗinki na uku ko na huɗu, a zare ta baya a hankali, domin ja ɗaya a biskos ko shifon yana iya fitar da zare har tsakiyar siket. Bayan an cire, a bi bakin da tururi ya dawo awonsa, a bar shi ya huce, sannan a sa gam ko oganza kafin zif ya sake hawa.